Simfoni, konceto da sonata: yadda sabon mai sauraro zai bi diddigin kiɗan gargajiyar Turai

Duk wanda ya taɓa neman kiɗan Beethoven ko Mozart a wayarsa ya san yadda sunayen suke rikita baƙo. Maimakon suna mai ma'ana kamar yadda aka saba da waƙoƙinmu, sai ya tarar da lamba da wasu kalmomin Italiyanci. Idan ya kunna kuma, babu mai rera baiti, kiɗan ya yi tsawo, ya tsaya, ya sake tashi, har ya rasa inda aka dosa.

Kalmomi uku da aka fi cin karo da su, wato sonata da konceto da simfoni, ba su da wuyar rarrabewa, domin abin da suke fara gaya wa mai sauraro shi ne su wa za su yi kiɗan.

Sonata kiɗa ce ta mutum ɗaya ko biyu: mai fiyano shi kaɗai, ko mai bayolin, wato gogen Turai, tare da mai fiyano. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Italiyanci mai nufin kaɗawa, don a bambanta abin da ake kaɗawa da abin da ake rerawa. Ludwig van Beethoven ya bar sonata 32 masu lamba na fiyano kaɗai.

Simfoni kuwa na okestira ne, wato cikakkiyar ƙungiyar makaɗa mai ɗauke da masu kayan tsirkiya, da masu busa, da masu ganguna, ƙarƙashin jagora ɗaya da ke tsaye a gabansu. Joseph Haydn, wanda ya fi kowa daidaita tsarin simfoni a ƙarni na 18, yana da 104 masu lamba. Beethoven, da ya taɓa zama ɗalibinsa a birnin Vienna, tara kacal ya kammala, amma kowanne da nauyinsa.

Konceto yana tsakanin biyun. Gwani ɗaya ne yake fitowa gaba da fiyano ko bayolin ko wani kayan kiɗa, okestira tana bayansa, wani lokaci tana mara masa baya, wani lokaci tana ja da shi. Kusa da ƙarshen babin farko, okestira kan yi tsit ta bar shi ya nuna ƙwarewarsa shi kaɗai. Wannan wuri ana kiransa kadenza. A zamanin Mozart makaɗin kan ƙirƙiro ta nan take a gaban jama'a, amma a yau yawanci rubutacciya ake kaɗawa.

Dukkan ukun an kasa su babi-babi. Simfoni yawanci babi huɗu ne: na farko mai sauri, na biyu mai natsuwa, na uku mai takun rawa, na ƙarshe kuma mai sauri. Konceto babi uku ne, sauri, natsuwa, sauri. Sonata takan zo da uku ko huɗu. Kalmomin da ake gani a allon waya saurin babin suke nunawa: Allegro na nufin da hanzari, Andante da tafiyar ƙasaita ba gaggawa, Adagio kuma a hankali ƙwarai.

Tsarin da ke ƙarƙashin babin farko

Sanin waɗannan sunaye bai isa ya hana mutum ɓacewa a tsakiyar kiɗan ba. Abin da ke hana ɓacewa shi ne sanin yadda ake gina babin farko, domin daga zamanin Haydn zuwa ƙarshen ƙarni na 19 kusan tsari ɗaya ake bi. Masana suna kiransa tsarin sonata, sunan da ke ƙara rikita mutane, tunda simfoni da konceto ma suna amfani da shi.

Tsarin ya dogara ne a kan abin da za a iya kira gida. Kowane kiɗa irin wannan yana da sauti ɗaya da kunne ke ɗauka a matsayin mazauninsa, inda yake jin an sauka an huta. Shi ne harafin da ake gani a suna, kamar C ko D. Gidan kuma iri biyu ne: mejo, wanda kunne ke jinsa da haske, da maino, wanda ke zuwa da duhu ko damuwa. Ba sai mutum ya iya karanta rubutun kiɗa ba kafin ya ji an bar gida ko an dawo, kunne yana ganewa da kansa idan aka ba shi lokaci.

Mawallafi yakan fara da gabatarwa: ya kawo kari na farko a gida, sa'annan ya ƙaura zuwa wani gidan ya kawo kari na biyu, wanda galibi halinsa ya saɓa da na farko. Daga nan sai sashen sarrafawa, inda yake yayyanka waɗannan karin, ya jujjuya su, ya yi ta yawo da su gida-gida ba tare da ya zauna ba. A ƙarshe sai komowa: karin farko ya dawo a gidansa, na biyu ma ya dawo, amma a wannan karon an jawo shi kusa da ɗan'uwansa maimakon gidan baƙunta da ya fara bayyana a ciki.

Minti bakwai tare da Beethoven

Babin farko na simfoni na biyar na Beethoven ya dace da gwaji, domin bai wuce kimanin minti bakwai zuwa takwas ba, kuma kusan kowa ya taɓa jin farkonsa ko da a fim ne. A waya za a same shi da lambar Op. 67. An fara kaɗa shi ranar 22 ga Disamba, 1808, a gidan wasan Theater an der Wien da ke Vienna, a wani dogon zama na kusan awa huɗu cikin tsananin sanyi. A daren ne aka fara jin simfoninsa na shida, kuma shi da kansa ya zauna a kan fiyano ya kaɗa koncetonsa na huɗu.

Babin yana buɗewa da sauti huɗu: gajeru uku, sai dogo ɗaya da ya faɗo ƙasa aka riƙe shi. Ana maimaita su a ƙasa kaɗan, a sake riƙewa. Wannan ɗan guntun shi ne karin farko gaba ɗaya, a gidan C maino. Abin da ya biyo baya shi ne masu kayan tsirkiya suna miƙa wa juna shi da sauri, kamar ana jifa ana cafewa.

Kafin a cika minti ɗaya, sai masu ƙaho su yi kira su kaɗai, da irin wannan bugun na gajeru uku. Kiran shi ne alamar an ƙaura. Nan take bayolin za su shigo da kari na biyu, mai laushi da santsi, a gidan mejo. A nan ya kamata mai sauraro ya kasa kunne can ƙasa, wurin manyan kayan tsirkiya masu kauri: za a ji suna ci gaba da buga gajeru uku da dogo ɗaya a hankali. Ko a lokacin sauƙi Beethoven bai bar bugun ya tafi ba.

Da gabatarwa ta ƙare, yawancin jagorori kan koma farko su maimaita ta ɗungurungum, kamar yadda aka rubuta. Baƙo kan zaci wayarsa ce ta koma baya. An yi hakan ne domin karin biyu su zauna a kunne, tunda a zamanin ba a da faifai, wanda ya ji sau ɗaya bai san ranar da zai sake ji ba.

Sashen sarrafawa a wannan babi gajere ne, amma a nan ne abin mamaki yake. Beethoven ya ɗauki kiran ƙahon nan ya dinga rage shi, har ya koma sauti biyu, daga nan ya koma ɗaya tak. Masu busa su yi ɗaya, masu tsirkiya su amsa da ɗaya, ƙarfin yana raguwa kamar numfashin wanda ya gaji. Kwatsam sai bugun ya fashe da ƙarfi, okestira duka ta dawo da sauti huɗun nan na farko. Wannan ita ce komowa, kuma ba ta ɓuya ga kowa.

Jim kaɗan bayan komowar, komai zai tsaya, a bar mai busa obo, wata siririyar abar busa mai muryar da ta yi kusa da ta algaita amma ta fi ta laushi, ya yi 'yar gajeriyar busa mai ban tausayi shi kaɗai. Babu wannan a gabatarwa. Wanda ya lura da ita ya fara sauraro da tuni, yana auna abin da yake ji da abin da ya ji a baya, kuma abin da wannan irin kiɗa ke nema ke nan daga mai sauraronsa. Kari na biyu zai dawo a C mejo, har a zaci an ƙare cikin haske, amma Beethoven ya ƙara dogon rufewa da ya mayar da babin cikin maino. Hasken da ya ɗore sai a babi na huɗu, wanda na uku ke kutsawa cikinsa ba tare da tsayawa ba.

Inda tsarin ba ya aiki

Kada a ɗauka kowane kiɗa zai bi wannan taswira. Konceto huɗu na Antonio Vivaldi da ke siffanta lokutan shekara, waɗanda aka buga a 1725, sun riga tsarin sonata. A cikinsu okestira tana da wani kari da take dawowa da shi lokaci-lokaci, gwanin bayolin yana cike tsakani, abin da ya fi kama da amshi a waƙoƙin makaɗanmu. Shahararriyar sonatar Beethoven ta 1801 da ake yi wa laƙabi da hasken wata da babi mai natsuwa ta fara, ta ajiye guguwarta sai ƙarshe, kuma ba shi ya raɗa mata wannan suna ba. A simfoninsa na tara, na 1824, ya shigo da mawaƙa a babin ƙarshe. A konceto na zamanin Mozart kuma gabatarwa sau biyu take zuwa, okestira ta fara yin tata kafin gwanin ya shigo, don haka kada a yi mamaki idan an ɗauki minti biyu ba a ji fiyano ba.

Akwai kuma batun tafi, ga wanda ya samu halartar irin wannan taro, misali a cibiyar MUSON da ke Onikan a Legas. Al'adar yau ita ce a yi shiru tsakanin babi da babi, a jira sai jagora ya sauke hannu ya juyo. Wannan al'ada daga baya ta zo. A 1778 Mozart ya rubuta wa mahaifinsa daga Paris yana murnar yadda jama'a suka ɓarke da tafi ana tsakiyar kaɗa sabon simfoninsa.