Facin tamfol: gam, wuta ko basilla?

Iskar farkon damina ita ce mai tona asirin tamfol. Tana tasowa, rumfar mai tumatir ta yage daga inda aka ɗaure igiya, ko kuma manomin da ya shanya shinkafa a Kura ya tarar tsakuwa ta huda masa shimfiɗa. Yawanci sai a ruga a sayo gam, a shafa, a liƙa, kafin mako ya zagayo facin ya ɓalle.

Laifin ba na gam ɗin ba ne. Tamfol iri biyu ne a kasuwa. Akwai mara nauyi mai saƙa irin ta buhu, wanda ake yi da foliyetilin, akwai kuma mai kauri da santsi irin na rufin tirela, wato PVC. Na biyun yana karɓar gam ɗin da aka yi dominsa, na farkon kuwa kusan babu gam ɗin da ke kama shi. Gane su ba wuya: a yanki ɗan ƙyalle a jefa a ruwa, na buhu zai taso sama, PVC zai nutse. Dole facin ya zama irin tamfol ɗin, domin zafi ba ya haɗa waɗannan biyu.

A ce rufin rumfa mai saƙar buhu ya yage tsawon santimita 20. Mai gyara zai wanke wurin da sabulu, ya bari ya bushe sarai, domin ƙura da maiƙo suna hana kamu. Sai ya haɗa bakin yagar, ya ɗinke da basilla da zaren nailan, yana barin kamar santimita 1 tsakanin huji da huji. In ya matse ɗinkin, hujojin ne za su zama sabuwar hanyar yagewa.

Amma ɗinki yana yoyo, shi ya sa ake rufe shi. Za a yanko faci mai tsawon santimita 30 da faɗin 10, a zagaye kusurwoyinsa don kada iska ta sami wurin kamawa, a ɗora ta waje, ɓangaren da ruwa ke sauka. A shimfiɗa takardar buhun siminti a kai, a bi gefen da dutsen guga mai matsakaicin zafi, ana dannawa kaɗan-kaɗan. Foliyetilin yana narkewa da zafin da bai wuce na tafasar ruwa da yawa ba, don haka gara a fara gwadawa a kan ƙyalle. In ya yamutse, wuta ta yi yawa. In ya huce aka sa farce ya ɗago, ba ta isa ba.

Akwai kuma tamfol ɗin da bai cancanci wahalar ba. Wanda rana ta cinye yakan bar gari a tafin hannu, in an lanƙwasa shi ya tsage. Irin wannan ko an ɗinka, zaren zai yanke shi. Sai dai a yanke ɓangaren da ke da sauran ƙwari a ajiye don facin wani.