Fetur Mai Tsada Da Mai Araha: Ina Bambancin Yake A Cikin Inji?

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, kowane gidan mai ya koma sayarwa a farashinsa, masu motoci kuma suka rabu biyu. Wasu ba sa shan mai sai a gidan babban kamfani, su ce man can ya fi auki, ya fi tausaya wa inji. Wasu kuma duk inda aka rage naira ashirin a lita, nan suke bin layi. Kowane ɓangare yana da labarin da yake kafa hujja da shi, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa aunawa.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, yawancin gidajen mai ba su da matata tasu. Tankokinsu suna yin lodi ne a daffo-daffo na Legas, Warri, Fatakwal ko Kalaba, ko a matatar Dangote da ta fara fitar da fetur a 2024. Sau da yawa babban kamfani da ɗan kasuwa mai gida ɗaya daga rumbu guda aka ɗura musu. In akwai bambanci, a wuri uku yake shigowa: lambar okten, sinadarin wanki da ake ƙarawa, da yadda aka adana man aka kuma auna shi.

Okten shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. A Ghana, alal misali, ana sayar da fetur mai RON 91 da mai RON 95, na biyun ya fi tsada, mutane da yawa kuma suna ɗauka ƙarfi ya fi. Lambar ba ƙarfin mai take aunawa ba. Tana nuna juriyarsa ga matsi, wato kada ya kama da wuta da kansa kafin wutar fulogi ta gama cinye shi. Inji mai matsi sosai, kamar na wasu Marsandi da BMW ko masu turbo, in aka ba shi mai ƙarancin okten sai ka ji yana ƙas-ƙas idan ka taka a hawa. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin wannan ƙara ta jinkirta wuta, sai mota ta yi nauyi, shan mai ya ɗan ƙaru. Irin wannan mota tana buƙatar abin da littafinta ya ce. Amma Corolla ko Civic da aka ƙera don 91, ko an zuba mata 95 ba ta da abin da za ta yi da rarar. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada wannan a 2016 ba ta ga wani ƙarin auki ko ƙarfi ba. Ko a motocin da masu ƙera su suka ba da shawarar a sa musu mai tsadan, gwajinta na 2017 ya nuna matsakaicin ragin shan mai bai kai kashi 3 cikin 100 ba. A kula: in motar ta Amurka ce littafinta ya ce 87, ma'auninsu daban ne, daidai yake da RON 91.

Maganar sinadarin wanki kuwa tana da ƙamshin gaskiya. Fetur yana barin dauɗa a bakin nozul da bayan bawul, a hankali feshin mai ya lalace, mota ta fara rawa a tsaye. A wani gwajin na AAA, man da ke da wadataccen sinadari ya bar dauɗar da ta gaza ta sauran har sau 19 bayan tafiyar mil 4,000. Sai dai wannan amfani na watanni ne da shekaru, ba abin da za ka ji kafin ka fita daga gidan mai ba. Kuma tambari a jikin allo ba shi ne shaidar an zuba sinadarin ba. Kamfanin da ke zubawa yakan ba man suna na musamman, ya ware masa famfo. In ba haka, fenti da hasken lantarki kake biya.

Inda mai mota a ƙasarmu ya fi cutuwa shi ne na ukun, wato adanawa da awo. Rumbun ƙarƙashin ƙasa da ya tsufa yakan sha ruwa da damina, ya tara tsatsa da laka. Wannan ne ke toshe filta, ya kashe famfon cikin tanki, ya sa mota tana shiɗewa. Alamarsa a bayyane take: mota lafiya lau, ka sha mai, kafin kilomita kaɗan ta fara fizga ko mutuwa. A ɗebi man a kwalba mai haske a ajiye. In da ruwa zai kwanta a ƙasa, laka ma haka. Babban suna kuma bai hana masifa ba. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan metanol daga Antwerp ta Beljiyam, ya lalata motoci a Legas da Abuja, ta gidajen mai na halal ya shiga, ba ta hannun 'yan bumburutu ba.

Yanzu mu yi lissafi. A ce motarka tana shan lita 10 a kilomita 100, wani gida yana sayarwa naira 900, wani 960. Tafiyar za ta ci maka 9,000 a na farko, 9,600 a na biyu. Kafin mai tsadan ya biya kansa, sai shan man ya sauko zuwa ƙasa da lita 9.4, ragin da ya haura kashi 6 cikin 100. A lafiyayyen inji babu sinadarin da zai yi wannan. To amma a ce famfon mai arahar an taɓa shi, kana biyan lita 20 ana zuba maka 19. Litarka ta koma naira 947, arahar ta kusa ƙarewa. Yawancin "man gidan wane ya fi auki" daga nan yake, lita ce cikakkiya ake ba shi a can. Jarka mai alamar awo ta isa ta tona wannan.

Mai son ya gwada da kansa, kada ya dogara da allurar mai, don ba ta da gaskiya. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, rubuta lambar kilomita, yi zirga-zirgarka, ka sake cikawa. Raba litar da ka ƙara da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. Yi haka tanki uku ko huɗu a gida ɗaya kafin ka koma ɗayan, a hanya iri ɗaya. Gwajin tanki ɗaya yaudara ne, domin cunkoso, kunna na'urar sanyi, iskar taya da nauyin ƙafar direba kowannensu yana iya canza lissafin fiye da yadda mai zai canza shi.

Batun cin inji, fetur ba shi ne babban mai laifi ba. Fistin da ringi da metal, bakin mai ne ke kare su, ƙurar hunturu kuma ke cinye su in filtar iska ta yage. Wanda ke biyan ƙarin naira sittin a kowace lita alhali juyen bakin mai ya wuce lokaci da wata uku, ya bar jaki yana dukan taiki.

Don haka, duba littafin motarka ka ba ta lambar da ta nema, kada ka gaza, kada ka wuce. Zaɓi gidan da ciniki ke gudana, mai ba ya kwana a rumbu, ka kuma gwada litarsa. Ka riƙa karɓar rasit, domin in man ya ɓata maka mota ko awon ya gaza, da shi za ka kai ƙara hukumar NMDPRA mai sa ido a kan gidajen mai.