Toshewar fitsari na iya kashe muzuru cikin kwana uku

Muzurun da ke yawan tsugunawa yana nishi da kuka, yana lasar gabansa, amma fitsari bai fita sai ɗigo, sau da yawa masu shi kan ɗauka kashi ne ya ƙi fita. Alhali hanyar fitsarinsa ce ta toshe.

Matsalar ta fi samun maza saboda hanyar fitsarinsu ta fi ta mata tsawo da ƙunci, musamman wajen bakin mazakuta. Ɗan tsakuwa, ko majina da ta cakuɗe da ƙananan ƙwayoyin gishiri na cikin fitsari, ya isa ya rufe ta. Ƙarancin shan ruwa yana ƙara haɗarin.

Da hanyar ta rufe, mafitsara takan cika ta yi tauri, ƙoda ta kasa tace jini. Sinadarin potasiyom sai ya taru har ya dagula bugun zuciya. Muzurun yakan fara amai, ya daina cin abinci, ya kwanta; cikin kwana biyu zuwa uku yana iya mutuwa.

Shi ya sa ba a jiran gari ya waye. Likitan dabbobi yakan yi masa allurar barci, ya zura siririyar roba ya buɗe hanyar, ya yi masa ƙarin ruwa. Matsa cikinsa a gida na iya fasa mafitsara, parasitamol kuma guba ne ga mage.