Kawu, Ga Inda Abincin Yake Tafiya

Kawu,  

Na ga takardar gwajin da aka yi maka a Babban Asibitin Suleja, na kuma ji tambayar da ka yi wa Inna: mutum yana cin tuwo ya ƙoshi, amma yana ramewa, ina abincin yake tafiya? Aikin jinya ya sa ina yawan jin wannan tambayar, don haka bari mu bi sawunta tare.

Sawun farko kai ka gan shi da idonka: tururuwa tana taruwa inda ka yi fitsari. Zaƙi take bi. Ƙodar mai lafiya ba ta barin sukari ya fita, sai ya haura kimanin 10 a jini take gazawa. Naka an auna da safe kafin ka karya, aka sami 13, alhali daga 7 zuwa sama ake cewa ciwon sukari. Idan sukari zai fita ta fitsari, da ruwa yake tafiya. Shi ya sa kake tashi da dare ba adadi, jiki ya bushe, ƙishirwa ta hana ka sakat. Kasalar da ka yi ta sha wa maganin shawara da zazzaɓi, tushenta ke nan.

To me ya tara sukarin a jini? Duk abin da muka ci na hatsi ko doya, hanji yana mayar da shi sukari, jini ya ɗauka. Daga nan sai wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi take samarwa, ya shigar da shi cikin tsoka. Aikinsa kamar na ɗan dako ne a kasuwar IBB: mota ta sauke kaya, shi zai kai su shago. A nau'i na biyu, wanda kake da shi, ɗan dakon yana nan, amma ƙofar shagon ta cije, shi kuma ya fara gajiya. Kaya suna jibge a titi, shago babu komai. Da tsoka ta ji yunwa sai jiki ya koma cin kitsensa da namansa. Abincin yana shiga jini, Kawu, amma wani kaso nasa ta fitsari yake fita. Babu hannun kowa a ciki. Gado ne da teɓa da yawan zama.

Saura abin da ka ce, wai kai ba ma'abocin zaƙi ba ne. Na'urar gwajin sukari za ta warware maka shi. Ka auna kafin cin abinci, ka sake bayan awa 2. Abin nema shi ne tsakanin 4 da 7 kafin ci, ƙasa da 10 bayan ci. Idan taka tana nuna manyan lambobi irin 180, kuma an rubuta mg/dL, sai ka raba da 18. Ka gwada ranar shayi mai madarar gwangwani da burodi, washegari ka gwada da alale ko ƙwai da shayi marar sukari, ka rubuta a littafi. Ina kyautata zaton mai laifin zai fito daga abin sha: kunun zaƙi, zoɓon kasuwa, lemon kwalba, har da maltar da 'yan dubiya suke kawowa da zuciya ɗaya. Waɗannan nan da nan suke shiga jini. Zuma ma sukari ce.

Tuwo da sakwara ba a hana ka ba, yawan ne matsala. Rabin kwano ya zama ganye, kamar alayyahu, rama, zogale ko kuɓewa. Kwata wake, kifi ko nama. Ragowar kwatan malmala ɗaya, daidai dunƙulen hannunka. Bayan cin abinci ka taka na minti 10 zuwa 15, domin tsoka mai aiki tana jan sukari daga jini. A mako ka haɗa minti 150. Barin acaɓa zuwa masallaci ma yana cikin lissafi.

Metfomin da aka rubuta maka, ka sha shi tare da abinci. Yakan ɗan ɓata ciki a makonnin farko, sannan ya lafa. Idan bai lafa ba ka koma wurin likita. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ƙishirwa za ta tafi ka ce ka warke. Sukari yana iya zama sama, mutum bai ji komai ba, yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye. Kada ka ajiye magani don ruwan shuwaka ko jiƙon masu talla a mota.

Kullum lokacin alwala ka duba ƙafarka har tsakanin yatsu, ka tsane ta, kada ka yi tafiya ba takalmi. Ko ɗan ƙaramin gyambo ka gani, a kai asibiti da wuri. Idan an ƙara maka wani magani ka ji rawar jiki da gumi, na'ura ta nuna ƙasa da 4, nan ne wurin shan sukari: cokali 3 na shayi a ruwa, ka sake aunawa bayan minti 15. Kafin azumi kuma a zauna da likita a tsara lokutan magani.

Ka tafi da littafin nan duk ranar ganin likita. A gaida Inna da yara.

'Yarka.