Yaya Ake Gane Bitar Farfaɗiya Ta Sauya Malamai?

Idan farfaɗiya ta kayar da ɗalibi a aji, ido yakan koma kan malami. In ya ja da baya, yara ma sun watse, gobe kuma babu mai son zama benci ɗaya da yaron. Shi ya sa masu yaƙi da tsangwama ke fara wa da malaman sakandare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya a duniya sun kai kusan miliyan 50, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa idan suka samu magani yadda ya kamata.

Bitar kanta ba ta da wuya, yini guda ya isa. Likita ko nas zai bayyana cewa matsala ce ta aikin ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarta ta yawu, ko kumfar baki, ko taɓa jiki. Daga nan sai a gwada a aikace: wani malami ya kwanta a tabarma, sauran su kawar da kujeru, su sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, su juya shi gefe. Ba a danne shi, ba a cusa masa cokali a baki, ba a ɗura masa ruwa. Ana duba agogo, idan jijjigar ta wuce minti 5 sai asibiti. A ganina, abin da ya fi taɓa zuciya shi ne a gayyato wanda ke shan magani yana sana'arsa lafiya, ya yi magana da bakinsa, malamai su yi masa tambayoyi.

Wahalar tana wajen awo. Ana raba takardar tambayoyi kafin a fara, a sake raba ita ɗin dai bayan an gama. Ba a rubuta suna, kowa lamba ake ba shi, domin a haɗa amsarsa ta safe da ta yamma ba tare da ya ji kunya ba. Tambayoyin iri biyu ne. Akwai na sani, kamar ko yawu na yaɗa cutar. Akwai kuma na kusanci, dabarar da masanin zamantakewa Emory Bogardus ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1920: za ka yarda yaron ya zauna a ajinka? Ya ci abinci kwano ɗaya da ɗanka? Ya auri 'yarka?

Mu ɗauka malamai 40 suka halarta. Da safe 24 sun ce yawu na yaɗa farfaɗiya, da yamma saura 4. Wannan ci gaba ne, amma mafi arha, domin awa biyu kacal da suka wuce likita ya faɗi amsar. A tambayar aure kuwa, a ce 6 suka yarda da safe, da yamma suka zama 9. Nan ne ainihin labarin yake: ilimi ya yi tsalle, zuciya ta ɗan motsa kaɗan. Wanda ya cuɗa makin tambayoyin duka ya fitar da jimla ɗaya, ya binne wannan bambanci.

Sannan akwai kara. Mutumin da aka ciyar, aka ba kuɗin mota, da wuya ya rubuta abin da ya san zai ɓata wa mai bita rai. Alamar hakan ita ce a ga kusan kowace takarda ta dawo da "na yarda" daga sama har ƙasa. Maganinsa a juya wasu tambayoyin yadda amsar kirki za ta zama "ban yarda ba", a kuma bar wani daban ya karɓi takardun.

Awon da ya fi daraja shi ne na bayan wata uku, shi ma da tarkonsa. A ce malamai 28 aka samu, sauran an yi musu canjin wurin aiki ko sun ƙi zuwa. Kuskure ne a gwada 28 ɗin da 40 na farko, don galibi masu sha'awar batun ne ke dawowa. Lambobin nan za a bi, a gwada kowa da amsarsa ta ranar farko. In da hali, a raba takardar a wata makaranta da ba a yi wa bita ba, don kada wani shirin rediyo ya sauya ra'ayin gari a ɗauka bita ce.

A wannan zagaye ana ƙara tambayoyin aiki: wani ɗalibi ya faɗi a zangon nan? Me aka yi masa? Ya dawo aji, ko an ce iyayensa su riƙe shi a gida? Faɗuwa ba kullum take aukuwa ba, saboda haka amsoshin za su yi kaɗan, ba su isa a fitar da kaso ba. Sai a rubuta kowanne dalla-dalla, a duba rajistar aji a ga ko sunan yaron ya ci gaba da fitowa.