Kafin a ɗora fuska: yadda ake shirya hoton asali

Wani ango ya shiga shagon hoto yana son katin gayyata. Akwai hotonsa sanye da babbar riga da hula da ya yi kyau matuƙa, sai dai a ciki ya rufe ido. Mai shagon ya ce ya turo wani hoton da fuskarsa ta fito sosai, za a ɗauko ta a ɗora a kan wancan. Ango ya laluba waya ya turo hoton da suka ɗauka su shida a wurin ɗaurin auren abokinsa. Aka saka a manhaja, sai ga wani mutum ya fito mai kama da ƙanin ango, amma ba shi ba ne. Manhajar ta yi iya ƙoƙarinta da abin da aka ba ta. Matsalar tana cikin hoton asali, wato wanda aka ɗauko fuskar daga cikinsa.

Tun kafin a taɓa komai, mai shago na kirki yana tabbatar da cewa fuskar ta wanda ya kawo aikin ce, ko kuma mai ita ya amince da bakinsa. Ɗora fuskar 'yar mutane a jikin da ba nata ba cin mutunci ne da ke iya raba aure, ya zubar da girman gida, kuma babu kuɗin aikin da ya kai a karɓa dominsa.

Don a gane abin da ya sami ango, sai a san yadda manhajar ke kallon hoto. Da yawa daga cikin manhajojin da ke musanya fuska da hoto ɗaya tal an gina su ne a kan kayan aikin InsightFace. Da farko manhajar na neman fuska, sannan ta sa alama a wurare biyar: idanu biyu, ƙarshen hanci, da kusurwoyin baki biyu. Da waɗannan alamomi take daidaita fuskar, ta matse ta cikin ɗan murabba'i mai fiksel 112 a tsawo da 112 a faɗi, fiksel kuwa shi ne ɗan ɗigon da hoto ke haɗuwa da shi. Daga wannan ɗan murabba'in take karanto kamannin mutum. Duk abin da bai fito a cikinsa ba, ba ta san da shi ba.

Yanzu a lissafa hoton ango. Wayar ta ɗauke shi da fiksel 4000 a faɗi, kuma da yake su shida ne a tsaye, faɗin fuskarsa bai wuce fiksel 200 ba. Da ya turo ta WhatsApp a matsayin hoto na yau da kullum, sai aka rage shi zuwa kusan 1600, fuskar ta koma kusan 80. Ka ga ba ta ma cika murabba'in ba, dole aka ja ta aka buɗa, layin ido da na leɓe suka dushe. Maganin farko bai buƙaci gwaninta ba: ya sake turowa ta hanyar Document, wadda ba ta rage hoto. Abin da ya fi wannan ma, tunda yana tsaye a shagon, shi ne a fita da shi inuwar baranda a ɗauki sabo, mai ɗauka ya ja baya kamar taku biyu zuwa uku. Hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannu yana kumbura hanci ya tsuke kunnuwa saboda kusancin waya, kuma wannan kumburin zai bi fuskar duk inda aka kai ta.

Idan an sami hoto mai kyau, miƙewa ake fara yi kafin yankewa. Dalili shi ne juya hoto na barin kusurwoyi babu komai, sai an yanke su daga baya. Wanda ya fara yankewa zai tarar ba shi da sauran wurin juyawa. Ana kunna layukan awo, a juya hoton har ƙwayoyin idanu biyu su hau layi ɗaya. Ƙaramar karkata manhajar kan gyara da kanta, amma idan kai ya kwanta sosai, ko waya ta ajiye hoton a kishingiɗe, tana iya kasa ganin fuskar gaba ɗaya. Akwai kuma abin da juyawa ba ta gyarawa. In mutum ya waiwaya gefe har kunne ɗaya ya ɓuya, rabin fuskar babu shi a hoton, sai dai a nemi wani.

Wurin yankewa ne aka fi yin kuskure, domin hankali na raya wa mutum cewa ya yanke daf da fuska don ta cika hoton. Mai neman fuskar kuwa ya saba ganin kai da abin da ke kewaye da shi. In aka datse goshi da haɓa, ko dai ya ce bai ga fuska ba, ko ya sa alamomin a inda bai dace ba. A bar kai gaba ɗaya, da wuya, da ɗan kafaɗa, fuskar ta ci kamar rabin faɗin hoton. Sauran mutanen da ke gefe kuma a fitar da su duka, kada manhaja ta ɗauki fuskar abokin ango. Hula da hijabi ba sa hana aiki matuƙar gira, kumatu da haɓa suna waje. Baƙin tabarau da inuwar hula da ta rufe ido su ne ke ɓata shi.

Sai ƙara haske da kaifi, inda nake roƙon masu shago su riƙe hannunsu. Fuskar mai duhun fata da aka ɗauka rana na bayansa takan fito baƙi ƙirin. Abin yi shi ne a ɗaga hasken wuraren inuwa kaɗan kaɗan har gefen hanci da ƙasan ido su bayyana, a tsaya nan. Wanda ya ci gaba har fata ta yi fari fat ya share tudu da kwarin da ke bambanta wannan fuska da wata. Hoton da wayar ta riga ta yi wa kwalliya, ta goge fata ta sirance haɓa, shi ma ba ya aiki.

Manhajojin farfaɗo da fuska irin su GFPGAN, da ta fito a 2021, da CodeFormer ta 2022, suna mayar da dusasshen hoto garau cikin daƙiƙoƙi. Amma ba tono abin da ya ɓace suke yi ba, cike gurbi suke da abin da suka koya daga dubban fuskokin wasu. Shi ya sa suke iya sauya yanayin ido, su jera haƙora su toshe wushirya, ko su ɗauki bille da kalangu a matsayin karce su goge. Ga dattijon da zanen fuskarsa ke faɗin asalinsa, wannan asara ce babba. In ya zama dole a yi amfani da su, a rage ƙarfinsu, a ajiye sakamakon kusa da na asali a gwada. Ita kanta musanyar takan dusashe irin wannan zane, don haka wani lokaci sai an mayar da shi da hannu bayan an gama.

A ƙarshe a adana hoton da aka shirya a tsarin PNG, domin JPEG na zubar da wani abu duk lokacin da aka sake adanawa. In sakamako ya fito, yana nuna inda aka kuskure. Ido ɗaya sama ɗaya ƙasa na nufin alamomin sun kauce, a koma wurin miƙewa da yankewa. Fata sumul kamar ta roba alamar gyara ya yi yawa ce. In kuwa fuska ta yi kyau amma mahaifiyar ango ta duba ta ce wannan ba ɗanta ba ne, hoton asalin ya yi ƙanƙanta, sai a ɗauki sabo.