An Hana Ka Biza, Ejan Ya Riƙe Kuɗinka: Yadda Za Ka Shigar da Koke

Idan aka hana ɗalibi bizar karatu, amsar da ya fi ji daga bakin ejan ita ce: "Ai kuɗin ba a mayarwa." Maganar tana da gaskiya a wani ɓangare kawai, domin abin da iyaye suka tura a dunƙule ya kasu kashi-kashi, kuma kowane kashi da hukuncinsa. Wanda ya shiga ofis yana cewa a ba shi kuɗinsa duka, shi ne aka fi saurin sallama da baki. Wanda ya rarrabe kuɗin, ya san inda kowanne ya tafi, shi ake jin tsoro.

Mu ɗauki misalin ɗaliba daga Kano da ta samu gurbin digiri na biyu na shekara ɗaya a Birtaniya. A ce mahaifinta ya ba ejan naira 500,000 ladan aiki, da fam 4,000 na kafin alƙalami da jami'a ta nema kafin ta ba da lambar CAS, sai kuɗin biza da kuɗin kiwon lafiya da ake kira IHS. Daga baya takarda ta zo cewa an ƙi.

Kuɗin biza ya tafi, gwamnatin Birtaniya ba ta mayar da shi bayan ta yanke hukunci. Amma IHS ana mayar da shi gaba ɗaya ba sai an nema ba, galibi cikin mako shida. Tun Fabrairun 2024 ɗalibi na biyan fam 776 a shekara, kuma mai irin wannan karatu yakan biya na shekara ɗaya da rabi, wato fam 1,164. Inda gizo ke saƙa shi ne, kuɗin yana komawa katin da aka biya da shi. In da katin ejan aka biya, suna hannunsa, kuma ba shi da hujjar riƙe su.

Kafin alƙalami ma haka. Yawancin jami'o'i suna mayarwa idan aka tura musu takardar ƙin biza cikin wa'adin da suka gindaya, wasu bayan sun cire wani abu na hidima. Don haka ɗalibar ta rubuta wa ofishin kuɗi na jami'ar da kanta, ta tambayi ko kuɗin ya shiga, nawa ya shiga, kuma wa aka mayar wa. In an ƙi bizar ne saboda takardun jabu, jami'a takan riƙe kuɗin, ɗalibi kuma na iya fuskantar haramcin shiga ƙasar na shekara goma.

Ladan ejan ne ake yawan rigima a kansa, kuma a nan takardar ƙin biza ce alƙali. Dokar Birtaniya ta ce kuɗin da ake nunawa a banki su kwana 28 a jere ba su yi ƙasa da abin da ake buƙata ba. In ejan ya tura takardar banki mai kwana 20, sakacinsa ne, ya karɓi lada bai yi aikin yadda ya kamata ba, ko da yarjejeniya ta ce ba a mayarwa. In kuwa mahaifin ne ya ciri kuɗi a tsakiyar wa'adin, da wuya a samu ladan nan.

Koken ya kasance a rubuce, ba ta waya ba. A jera kowane biya da ranarsa da adadinsa, a kwafo dalilin ƙin daga takardar, a faɗi abin da ake nema: fam 1,164, da kafin alƙalami, da ladan aiki in akwai sakaci. A ba shi wa'adi, misali kwana 14, a haɗa da kwafin rasit, bayanan banki da hirar WhatsApp. Ainihin takardun su zauna a gida, kuma a sa ya sa hannu cewa ya karɓa. Zagi da fallasa a kafofin sada zumunta kan ba shi damar juya ƙara ta ɓata suna.

In wa'adi ya cika shiru, sai a kai koken hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ko kotun ƙananan basussuka, wadda ake da ita a Kano da Legas kuma ba dole sai da lauya ba. In kuma jami'a ta tabbatar cewa ko sisi bai shiga asusunta ba, magana ta tashi daga bashi ta koma damfara, sai 'yan sanda ko EFCC.

Ga masu shirin farawa, ku biya jami'a kai tsaye daga asusunku, ku biya IHS da katinku, kuma kada ku ba ejan ko kwabo sai an rubuta abin da za a mayar idan aka hana biza.